An Kira Ka An Ce Aiki Naka Ne, Saura Maganar Kuɗi



Sharhinmu na yau a kan 'yan kwanakin nan ne guda biyu ko uku da ke tsakanin kiran wayar da aka ce maka an ɗauke ka aiki, da ranar da za ka sa hannu a takarda. Kwanaki ne kaɗan, amma a cikinsu ne kaɗai kamfani ya riga ya ce kai yake so, kai kuma ba ka riga ka ce ka yarda ba. Kafin kiran, kana cikin jerin masu nema, maganarka ba ta da nauyi. Bayan ka sa hannu kuwa, ka zama ma'aikaci, duk ƙarin da za ka nema sai lokacinsa ya yi. A wannan ɗan tsakanin ne ake rubuta saƙon imel guda ɗaya a nemi gyaran albashi, kuma yawancin matasanmu ba sa rubuta shi.

Dalilin bai ɓuya ba. Aiki ya yi wuya, wani ya shekara yana yawo da takardu. Sau da yawa ma akwai kawu ko yaya da ya sa baki aka kira mutum hira, sai ya ga idan ya buɗe baki ya yi maganar kuɗi, ya ba da kunya. Abin mamaki shi ne, wannan matashin da kansa, in ka bi shi kara ana gobe Sallah, za ka same shi yana taya rago, mai rago yana cewa albarka, suna ja suna dariya har a sallama, ba wanda ya ji an ci mutuncinsa. Wato mun iya ƙin farashi ba tare da mun ɓata da mutum ba. A ƙofar ofis ne muke ajiye wannan iyawar.

Abin da nake so in faɗa yau guda ɗaya ne. Saƙon neman gyaran albashi yana buƙatar laushi, yana kuma buƙatar tsayuwa, amma kowanne da mazauninsa. Laushin na mutumin da kake rubuta wa ne: gaisuwa, godiya, nuna kana son aikin. Tsayuwar kuwa ta adadin kuɗin ce da hujjarsa. Inda ake samun matsala shi ne a juya su, a zuba laushi a kan adadin har ya narke, ko a zuba tsauri a kan mutumin har ya ji ana masa gadara.

Mu ɗauki misali mu bi shi daga farko zuwa ƙarshe. A ce wata matashiya ce akanta, shekararta 4 tana aiki a Zariya, abin da ke shiga asusunta a ƙarshen wata naira dubu 260. Ta yi hira da wani kamfanin rarraba kayan abinci a Kano. Ranar Talata da hantsi shugabar sashen kula da ma'aikata, mu kira ta Hajiya, ta bugo mata waya ta ce an zaɓe ta, albashi naira dubu 350 a wata, yaushe za ta fara?

Nan ne gaɓar farko, kuma tun kafin a zo ga imel ake yin asarar. Murna takan sa mutum ya ce, na amince, na gode, Allah ya saka da alheri. To magana zarar bunu ce. Idan ka ce ka amince a waya, sannan jibi ka aiko da saƙo kana neman ƙari, abin da Hajiya za ta gani shi ne mutumin da ya faɗi magana ya janye. Abin da ya kamata matashiyar ta ce shi ne: na ji daɗi ƙwarai Hajiya, na gode da kuka zaɓe ni, don Allah a aiko mini da bayanin albashin da alawus a rubuce in duba, zan ba ku amsa kafin Juma'a. Ta nuna murna, ta yi godiya, ta sa wa kanta wa'adi, amma kalmar amincewa ba ta fito ba. Ba kamfanin kirki da zai ji haushin wannan.

Me ya sa sai an gani a rubuce? Saboda dubu 350 ɗin nan na waya ba ka san wane dubu 350 ba ne. Shin wanda zai shigo asusu ne, ko kuwa jimla ce kafin a cire haraji da fansho? Wasu kamfanonin ma sukan haɗa har da kuɗin hutu, da albashin wata na 13, da kason fansho da su ke biya, su raba gida 12 su faɗa maka. A misalinmu, takarda ta zo ranar Laraba, ta nuna jimla ce kafin cire-cire. Sai matashiyar ta ɗauki biro.

Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci yana biyan aƙalla kashi 8 cikin 100, mai ba da aiki kuma aƙalla kashi 10, ana lissafawa a kan ainihin albashi da alawus na gida da na sufuri. Don sauƙi, mu ce duk albashinta waɗannan ukun ne. Kashi 8 na dubu 350 shi ne dubu 28. Sai haraji. A sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026, naira dubu 800 na farko a shekara ba haraji a kansu, miliyan 2 da dubu 200 da ke biye ana cire kashi 15, abin da ya hau kan wannan har zuwa miliyan 12 ana cire kashi 18. In ka bi lissafin, harajinta zai kama kusan dubu 40 a wata, in ba a sa rangwamen kuɗin haya da makamantansa ba. Abin da zai rage a hannunta kusan naira dubu 281 ne. To ga shi: abin da ta ji a waya kamar ƙarin dubu 90, ashe ƙarin dubu 21 ne, kuma za ta bar ɗakin gidansu a Zariya ta kama haya a Kano.

Daga nan sai ta fitar da adadi biyu, ɗaya na zuciyarta, ɗaya na takarda. Na zuciya shi ne mafi ƙarancin abin da za ta karɓa, wanda in an gaza shi gara ta zauna inda take. Ta yanke cewa in bai kai dubu 300 a hannu ba, tashin bai biya ba. Da irin wancan lissafin, dubu 300 a hannu na nufin jimlar dubu 375. Wannan adadin ba ya shiga imel, ko ƙawarta ba ta buƙatar sani. Na takarda kuwa shi ne wanda za ta nema, kuma akwai dabara wajen zaɓensa. Mai biyan kuɗi yakan so a raba bambanci biyu, don kowa ya ji ya samu. Saboda haka ka zaɓi adadin da in an tsaya a tsakiya, tsakiyar ta ɗara wancan na zuciyarka. Ta zaɓi dubu 410. Tsakanin 350 da 410 shi ne 380, ya ɗara 375. Da ta nemi 375 kai tsaye, da an ba ta 360 an ce an yi ƙoƙari.

Kada kuma a ɗauka adadi daga sama ake cirowa. Kafin ta rubuta 410, ta tambayi mutum biyu ko uku da ke irin wannan aiki a kamfanoni masu irin wannan girma a Kano. Ba a tambayar mutum nawa ake biyansa, ba tarbiyya ba ce, kuma ba zai faɗa ba. Ana cewa ne, Yaya, mai shekara 4 da takardar ICAN, tsakanin nawa da nawa ake ɗauka a wurare irin naku? Wannan zai amsa da sakin fuska. In duk sun ce ba ya wuce dubu 370, to neman 410 zai nuna ba ta san kasuwar ba, sai ta sauko ko ta haƙura da aikin. A ganina, neman ƙarin da bai wuce kashi 10 zuwa 20 cikin 100 ba abu ne da ake iya tattaunawa. In tazarar ta kai rabin albashin, ba ciniki ya rage ba, matakin aikin ne bai dace da kai ba.

Yanzu ga saƙon. Mafi yawan ofisoshinmu da Turanci za a rubuta shi, amma ginin ɗaya ne, ku saurari yadda aka jera shi. A kan saƙon ta sa: Muƙamin akanta, godiya da magana ɗaya kan albashi. Sai ta ce:

"Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki. Ina godiya da kiran da kuka yi mini ranar Talata, da bayanin da kuka aiko jiya. Na yi farin ciki da wannan dama, musamman bayan hirar da muka yi da shugaban sashen kuɗi kan shirinku na haɗa lissafin rumbunanku uku wuri guda. Aiki ne da nake so a yi da ni.

"Akwai magana ɗaya da nake so mu duba kafin in sa hannu. An yi mini tayin naira 350,000 a wata kafin cire haraji da fansho. Ina neman a mayar da shi naira 410,000. Dalilaina biyu ne. Na farko, tallar aikin ta nemi mai ƙwarewar shekara 2, ni kuwa ina da shekara 4, kuma na kammala jarrabawar ICAN. Na biyu, a lokacin hira an bayyana mini cewa zan riƙe biyan albashin ma'aikata da tura harajin albashi da na VAT duk wata, abin da ba ya cikin tallar. Aiki ne da nake yi yanzu ga ma'aikata 60, kuma ban taɓa wuce wa'adin ranar 10 ko ranar 21 ga wata ba.

"Idan aka amince da wannan adadi, a shirye nake in sa hannu cikin makon nan, in fara aiki da zarar na cika wa'adin sanarwa na wata ɗaya a inda nake. Idan kun fi so mu yi magana ta waya, ina nan duk lokacin da ya yi muku. Na gode da ɗawainiyar da kuke yi. Wassalam."

Shi ke nan, sakin layi uku. Ku lura da inda laushin ya zauna. Yana farko, yana ƙarshe. Kuma godiyar tata ba irin wadda za a iya aika wa kowane kamfani ba ce, ta ambaci rumbunan nan uku, alamar ta saurara a lokacin hira kuma hankalinta ya riga ya shiga aikin. Wannan ya fi jimla goma ta yabo. A tsakiya kuwa, inda kuɗi yake, ba kwana-kwana. Ba ta ce ku yi haƙuri ba. Ba ta ce idan babu damuwa, ko za a iya ɗan duba mini, ko da kaɗan ne ba. Duk wanda ya rubuta ko da kaɗan ne, ya riga ya faɗa wa kamfani cewa dubu 5 ma za ta wadatar. Wanda kuma ya rufe saƙonsa da cewa in bai yiwu ba ba komai zan karɓa a haka, ya amsa wa Hajiya tambayar da kansa. Ladabi ne a baki, amma a takarda sallamawa ce.

Akwai abin da ya kamata mai rubutu ya riƙe a ransa: ba Hajiya ce mai kuɗin ba. Ita ma sama za ta kai maganar, wurin shugaban sashen kuɗi ko mai kamfanin, kuma sau da yawa saƙon naka za ta tura kamar yadda yake. Saboda haka kana rubuta wa mutum biyu ne, wadda ta san fuskarka da wanda bai taɓa ganinka ba. Hajiya tana buƙatar jimla ɗaya ko biyu da za ta iya tsayawa a gaban maigidanta ta maimaita ba tare da ta ji kunya ba. An ƙara mata aikin da ba ya cikin talla, kuma tana da ICAN: wannan magana ce da ake iya faɗa a ofishin manaja. Ta ce tana da ƙanne shida da take ɗauke da su: wannan gaskiya ne, abin tausayi ne, amma ba ya shiga kasafin kuɗi, domin direban kamfanin ma yana da ƙanne.

Nan ne nake saɓa wa masu cewa a kafa hujja da tsadar rayuwa. Ba wanda ke musun tsadar. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 komai ya tashi, har hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a Disambar 2024. Amma mai kamfanin da kake faɗa wa haka, shi ma dizal yake saya, zai ce maka ai mu ma tana cin mu, magana ta mutu. Hujjar da ke tafiya ita ce wadda ta bambanta ka da sauran masu neman aikin, ba wadda ta haɗa ka da kowa ba. Kuɗin ƙaura daga gari zuwa gari kaɗai nake cirewa, domin aikin ne ya jawo shi, kuma za mu ga inda yake shigowa.

Sai jimlar nan ta ƙarshe, idan aka amince a shirye nake in sa hannu cikin makon nan. Ita ce ƙashin bayan saƙon. Babban tsoron mai ɗaukar aiki shi ne ya sha wahala ya samo maka ƙari, sannan ka dawo da wata buƙata, ko ka ɗauki takardarsa ka kai wa tsohon maigidanka don ya ƙara maka. Da ka ce ga abin da zai rufe magana, ka ba Hajiya dalilin yin ƙoƙari. Sharaɗin dai shi ne ka cika. In sun ba ka 410 ɗin, ba ka da sauran ja.

Me ya sa imel, ba waya ba, ba WhatsApp ba? Imel yana ba ka damar auna kowace kalma, yana barin shaida, yana kuma ba wancan ɓangaren lokacin shawara ba tare da an ƙure shi ba. Mai kunya da muryarsa ke rawa in an zo maganar kuɗi, rubutu ya fi masa. Amma yana da illa guda: ba ya ɗauke da murya. Wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu, sun wallafa bincike a 2005 da ya nuna masu aika imel suna ɗauka mai karantawa zai gane sautin maganarsu, wasa ne ko gaske, fiye da yadda ake ganewa a zahiri. Kai kana jin murmushinka a cikin jimlar, shi kuwa baƙaƙe kawai yake gani. Maganin shi ne ka rubuta da dare ka bar shi ya kwana, da safe ka ba wani babba wanda ya taɓa ɗaukar ma'aikata ya karanta maka da ƙarfi, ba tare da ka faɗa masa yadda kake nufi ba. Duk jimlar da ta fito da kaushi a bakinsa, haka za ta fito a idon Hajiya. Ka kuma bar barkwanci, ka bar 'yan hotunan fuskar nan, ka duba kada ka danna Reply All saƙon albashinka ya je wa mutum biyar.

Ga 'yan uwa mata akwai ƙarin magana. Binciken Hannah Riley Bowles da Linda Babcock da Lei Lai na 2007, shi ma a Amurka, ya gano cewa masu tantancewa sun fi ƙin son aiki da macen da ta nemi ƙari fiye da namijin da ya nemi irinsa. Ba adalci ba ne, kuma wadda ta yi aiki a ofisoshinmu ba ta buƙatar Bature ya faɗa mata ana cewa wance ta cika son kuɗi. Amma darasin ba shi ne ki rage adadin ba. Ki bar adadin inda yake, ki ɗaure hujjarki da amfanin kamfanin, kamar yadda matashiyar nan ta yi da maganar wa'adin haraji.

Kawun da ya sa baki fa? A kira shi kafin a aika saƙon, ba bayan ya ji a bakin wani ba. A ce, Kawu, sun kira ni, na gode Allah na gode maka, akwai 'yar magana kan albashi da zan rubuta musu cikin ladabi, na ce in sanar da kai. Wataƙila ma ya san iyakar abin da suke biya ya faɗa maka. Amma kada a ɗora masa cinikin. Ya kashe mutuncinsa sau ɗaya wajen buɗe ƙofa, ba daidai ba ne a sa shi roƙon kuɗi.

To saƙo ya tafi ranar Alhamis da safe. Amsa takan zo a ɗaya daga 'yan siffofi. In an ce za mu tattauna da shugabanni mu dawo gare ki, alama ce mai kyau, akwai sarari. In an yi shiru, kada ka firgita ka aika saƙo na biyu kana janyewa, wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a wannan gaɓar. Ka bari kwana uku na aiki su wuce, sannan ka aika layi biyu kana gaisuwa kana tambayar ko akwai ƙarin bayanin da suke buƙata. In kuma Hajiya ta bugo waya maimakon rubutu, ka ɗauka, ka saurara, ka maimaita adadinka sau ɗaya, bayan an gama ka aika ɗan saƙo ka rubuta abin da aka cimma.

A misalinmu, amsa ta zo ranar Litinin: sun duba, matakin da aka ɗauke ta a kai iyakarsa dubu 380, ba za su iya wucewa ba. Dubu 380 zai bar mata kusan dubu 304 a hannu, ya haye abin da ta yanke a zuciya. Yanzu kuma tsayuwar ta canza wuri. Sake cewa sai 410 bayan an faɗa mata rufin matakin taurin kai ne, domin in an fasa rufin saboda ita, sai an fasa wa duk wanda ke kan matakin. Abin da ake nema a zagaye na biyu shi ne abin da ba ya taɓa tsarin albashi. Sai ta rubuta: na gode Hajiya da ƙoƙarin da kuka yi, na amince da naira 380,000. Ina roƙon abu biyu su shiga takardar: gudummawar ƙaura sau ɗaya, da kuma cewa za a sake duba albashin idan an tabbatar da ni bayan wata 6 na gwaji. Kuɗin da ake biya sau ɗaya ya fi sauƙin fita daga hannun kamfani fiye da wanda zai maimaitu duk wata. Alkawarin sake dubawa kuwa, in bai shiga takarda ba, ku ɗauka ba a yi shi ba, domin Hajiya na iya barin kamfanin kafin wata 6 ɗin. Daga nan ciniki ya ƙare. Zagaye biyu ya isa, na uku yana cin mutuncin da za ka shiga ofis da shi.

Me saƙon ya jawo mata? Dubu 30 a wata, wato dubu 360 a shekara kafin haraji. Kason fansho na kamfani ma ya ƙaru da dubu 3 duk wata. Kuma tun da ƙarin albashi na shekara-shekara yawanci kashi kaza cikin 100 ne na abin da kake kai, duk ƙarin da zai zo nan gaba a kan 380 za a ɗora shi, ba a kan 350 ba.

Gargaɗi biyu. Kada ka ƙirƙiri tayin wani kamfani da babu shi, kada kuma ka kumbura albashinka na yanzu. Ana neman takardar biyan albashi ta wata uku, kuma masu kula da ma'aikata a gari ɗaya sun san juna, ramin ƙarya ƙurarre ne. In da gaske kana da wani tayin, faɗe shi a jimla ɗaya ba da barazana ba, ka ƙara da cewa nan ɗin ka fi so. Na biyu, akwai wuraren da wannan saƙon ba shi da aiki. A aikin gwamnati albashi yana bin jadawali ne na mataki da rukuni, jami'in da ya kira ka ba shi da ikon ƙara kwabo, abin da za ka iya nema shi ne a ɗora ka a matakin da takardunka suka cancanta. Haka bankunan da ke ɗibar sabbin masu digiri rukuni guda, kowa kuɗinsa ɗaya. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Maiduguri ko Damaturu su ma galibi suna da jadawali da kasafin masu ba da tallafi ya ɗaure, a can maganar ita ce a wane rukuni na matakin za a sa ka bisa shekarun ƙwarewarka.

Akwai mai tambaya, in suka janye tayin fa? Yana iya faruwa, ba zan ce muku ba ya faruwa ba. Wanda ba shi da wani aiki a hannu, kuma an faɗa masa ƙarara cewa wannan ne iyaka, ya auna halinsa, ba laifi ba ne ya karɓa ya nemi a rubuta masa sake dubawa. Amma kamfanin da ya kashe makonni yana tace mutane har ya tsaya a kanka, da wuya ya koma farko saboda saƙo ɗaya mai ladabi da hujja. Wanda kuwa ya janye saboda wannan kaɗai, ya nuna maka tun da wuri yadda zai yi ranar da ka nemi hutu.

Mai sauraro, ko kai ko ke, in kiran nan ya zo a wannan makon: kada ka miƙa takardar ajiye aiki a inda kake sai sabuwar takarda ta zo da sa hannu, da adadin da aka amince a rubuce, da ranar fara aiki.